Kwana 90 Ba a Biya Ba: Yadda Ake Rubuta wa Abokin Ciniki Wasiƙar Neman Kuɗi

A ce wani dila ne a Kasuwar Singa ta Kano, mai sayar da fulawa da sukari a sari. Ranar 3 ga Maris, 2025, ya loda wa wani gidan burodi buhun fulawa 40 a kan naira 62,000 kowane ɗaya, da buhun sukari 5 a kan naira 80,000. Kuɗin kaya ya kama naira 2,880,000. Ya rubuta inbois, wato takardar da ke nuna kayan da aka sayar da kuɗinsu da ranar biya, ya sa wa'adin kwana 30, wanda ya cika ranar 2 ga Afrilu. Shekaru suna ciniki tare, don haka bai damu ba da ranar ta zo ta wuce. Da ya kira, aka ce hidimar azumi da ƙaramar Salla ce ta cinye kuɗin. Can cikin Afrilu aka turo masa naira 500,000. Da ya sake tuntuɓa, aka ce a bari a ga bayan babbar Salla. Babbar Salla ta wuce, waya ta koma sai an ga dama a ɗauka. Yau 1 ga Yuli, kwana 90 cif da cikar wa'adi.

Farashin nan da ranakun misali ne na kafa don mu samu abin yin lissafi, amma duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi ya san labarin. A wannan gaɓa yawancin 'yan kasuwarmu abu biyu suke yi: ko dai su ci gaba da kira suna jin kunya, ko kuma haƙuri ya ƙare rana ɗaya su je ƙofar mutum su ɗaga murya. Akwai hanya ta uku da ba mu cika bi ba, ita ce wasiƙa mai shafi ɗaya, mai ladabi, wadda ba ta bar wa kowa wurin cewa bai gane ba.

Kafin a zo kanta, yana da kyau dila ya san abin da jiran yake ci masa. Idan ribarsa a kan buhun fulawa naira 1,500 ce, kuma ragowar kuɗin da yake bi naira 2,256,000 ne (za mu ga yadda aka kai ga wannan adadi), to in kuɗin nan ya nutse sai ya sayar da buhu 1,504 kafin ya mayar da gurbinsa. Ko da an biya daga baya, kuɗin da ya kwana ba ya dawowa da ƙarfinsa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan gudu, wata uku kaɗai yana zaftare wajen kashi 7 cikin ɗari na abin da kuɗi zai iya saya. Shi kuma kamfanin da ke ba dila fulawa ba ya jiran a gama Salla.

Aikin farko ba rubutu ba ne

Wasiƙar da aka rubuta da adadin da bai yi daidai ba ta fi rashin wasiƙa illa, domin ta miƙa wa mai bashi abin kamawa. Ka rubuta masa cewa kana bin sa naira 2,880,000, sai ya amsa da cewa ai ya biya dubu ɗari biyar, kuma akwai buhu biyu da ya mayar. Daga nan magana ta tashi daga “yaushe za ka biya” ta koma “lissafinka ba daidai ba ne”, kuma zai iya cin wata guda a kan wannan.

Don haka dila ya zauna da akawunsa su fito da takardu huɗu: odar da gidan burodin ya aiko, ko a takarda ko a saƙon waya, kwafin inbois, wayabil ɗin da mai sito ya sa wa hannu ranar da aka sauke kaya, da bayanin asusun banki daga Maris zuwa yau. A misalinmu, binciken ya nuna an turo naira 500,000 ranar 22 ga Afrilu, kuma an mayar da buhun fulawa biyu da ruwa ya taɓa, kuɗinsu naira 124,000. In aka cire waɗannan daga 2,880,000, saura 2,256,000. Wannan ne adadin da zai shiga wasiƙa, kuma a nuna yadda aka same shi.

Cikin takardun nan huɗu, wayabil ce uwa. Inbois kai ka rubuta shi da hannunka, kowa na iya rubuta irinsa. Wayabil mai ɗauke da sa hannun mutumin gidan burodi ita ce ke tabbatar da cewa kaya sun shiga sitonsu. Dilan da direbansa ya sauke kaya ya juyo ba tare da an sa masa hannu ba, shi ma yana buƙatar wasiƙar, har ma ya fi kowa buƙatarta, don amsar da za a ba shi a rubuce ita ce za ta zame masa shaidar da bai karɓa ba tun farko.

Sai kuma ƙidayar kwanaki. Kwana 90 ana fara ƙirga su ne daga ranar da wa'adin biya ya cika, wato 2 ga Afrilu. Daga ranar sauke kaya kuwa kwana 120 ke nan. Wanda ya haɗa biyun ya rubuta ba daidai ba, ya sake ba da abin musu.

Abu na ƙarshe kafin a ɗauki biro: a san wa ake bi. Idan gidan burodin kamfani ne mai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wanda sunansa ya ƙare da “Limited”, to a idon doka kamfanin ne ya ci bashin, ba Alhajin da ya kafa shi ba. A rubuta cikakken sunan kamfanin yadda yake a takardunsu, sannan a sa ta hannun manajan darakta. Kuma a manyan wurare, otal ko makaranta ko asibiti, a fara kiran ofishin akawu a tambaya ko inbois ɗin ya iso teburinsu. Sau da yawa babu mugun nufi. Takardar ce ta maƙale a aljihun tebur, ko lambar oda ba ta dace da tasu ba.

Ga wasiƙar

1 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta,
Gidan Burodi Kaza, Kano.

Ranka ya daɗe,

NEMAN BIYAN RAGOWAR KUƊIN INBOIS MAI LAMBA 0417: NAIRA 2,256,000

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikata baki ɗaya.

Ranar 3 ga Maris, 2025, mun sauke muku buhun fulawa 40 da buhun sukari 5, mai sitonku ya karɓa ya sa hannu. Kuɗin kayan naira 2,880,000 ne, a bisa yarjejeniyar biya cikin kwana 30, wato zuwa 2 ga Afrilu, 2025. Mun karɓi naira 500,000 ranar 22 ga Afrilu, mun gode. Mun kuma cire naira 124,000, kuɗin buhu biyu da kuka mayar. Ragowar da muke bi ita ce naira 2,256,000, kuma yau kwana 90 ke nan da cikar wa'adinta.

Muna roƙon a biya wannan kuɗi gaba ɗaya a asusun da ke jikin inbois, daga yau zuwa ranar Talata, 15 ga Yuli, 2025.

Idan lissafinku ya saɓa da namu, ko akwai wani ƙorafi a kan kayan, a sanar da mu a rubuce kafin wannan rana don mu zauna mu daidaita. Idan kuma biya gaba ɗaya zai yi nauyi a yanzu, a rubuto mana adadin da za a iya bayarwa da ranakun bayarwa. A shirye muke mu duba.

In ranar ta wuce ba biya ba amsa, ba mu da zaɓi sai mu miƙa maganar ga kotu, abin da ba ma fata ya shiga tsakaninmu. Mun daɗe muna ciniki cikin mutunci, kuma muna so mu ci gaba.

Mun haɗo kwafin inbois da wayabil da bayanin lissafi. Allah ya ƙara buɗi.

Naka,
Wane, a madadin Kamfani Kaza.

Wannan wasiƙa tana da masu karatu biyu. Na farko shi ne Alhajin gidan burodi, wanda za ku haɗu a ɗaurin aure ranar Asabar, kuma kana so ya sake sayen fulawa a wurinka. Na biyu alƙali ne da wataƙila zai karanta ta bayan wata biyu, wanda bai san ka ba, bai san shi ba, bai kuma san an taɓa sauke wani kaya ba. Gaisuwa da “ranka ya daɗe” da godiya da addu'a na Alhaji ne. Ranaku da lambar inbois da adadi na alƙali ne. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu bar ladabi ya tsallaka ya shiga ɓangaren lissafi, sai ka ga an rubuta “ɗan abin nan da ya rage” ko “duk lokacin da Allah ya hore”. Ana ganin hakan kunya ce da kara. Amma wanda aka ce wa ya biya duk lokacin da ya samu dama, an ɗage masa wa'adi ke nan da hannun mai kuɗin.

Dubi sakin layi na biyu. Babu siffa ko ɗaya a cikinsa. Ba a ce an ci amana ba, ba a ce an daina ɗaukar waya ba, ba a tuna masa alkawuran da ya saɓa ba. Duk waɗannan gaskiya ne, amma rubuta su zai sa Alhaji ya zauna kare mutuncinsa maimakon duba asusunsa. An kuma ambaci dubu ɗari biyar da ya biya har da godiya. Wannan yana sanyaya rai, sannan yana da wani amfani: wanda ya biya wani ɓangare na kuɗin kaya zai sha wuya kafin ya ce bai san da cinikin ba.

Rana ma an faɗe ta da sunanta. “Nan ba da jimawa ba” ba rana ba ce. Ko “cikin mako biyu” yana barin tambaya, daga ranar rubutu ko daga ranar karɓa? Talata 15 ga Yuli kuwa guda ɗaya ce a kalanda. Kwana 14 ya ishi gidan burodi ya tattara kuɗi daga masu sarar burodinsa, kuma bai yi tsawon da za a ajiye takardar a manta ba.

Sakin layin da na fi ba muhimmanci shi ne na huɗu, mai ƙofa biyu. Mutumin da bai biya ba bayan wata uku, ko dai yana da ƙorafin da bai faɗa ba, ko ba shi da kuɗin, ko yana da su yana juya su ne a wani wuri saboda ya ga kai ba ka matsa ba. Wasiƙar ta ba na farko wurin faɗin ƙorafinsa, ta ba na biyu hanyar fita ba tare da ya tozarta ba. Na uku kuwa ba ta bar masa komai ba sai ranar Talata. Kuma duk ƙofar da ya bi, an ce ya bi ta a rubuce. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa take, kuma aya ta 280 ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Wasiƙar nan hanya ce ta gane wane ne mai ƙuncin gaske, don a san wa za a ɗaga wa ƙafa.

Akwai abubuwan da aka bari a waje da gangan. Ba a ƙara ko kwabo a kan kuɗin ba da sunan ladan jinkiri. Ga Musulmi wannan riba ce, kuma ko a kotu, kuɗin ruwan da ba a yi yarjejeniyarsa tun farko ba yana da wuyar samu. Ba a kuma ambaci 'yan sanda ba. Bashin ciniki ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha cin tarar waɗanda suka mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Haka nan barazanar tona asiri a kasuwa ko a Facebook. Mai bin naira miliyan biyu yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan ɓata suna. Mataki ɗaya tak aka ambata, kotu, kuma kada a rubuta shi sai in da gaske za a je. Wanda ya aika “gargaɗin ƙarshe” sau uku ya koya wa mai bashinsa cewa na huɗu ma yana tafe.

Isar da ita

A buga kwafi biyu. Yaron shago mai hankali ya kai, a karɓi ɗaya, a sa hannu a ɗayan da suna da kwanan wata, da hatimi in akwai, ya dawo da shi. In an ƙi sa hannu, a aika ta gidan waya da rajista ko ta kamfanin kai saƙo, a adana rasit. Bayan haka a ɗauki hotonta a tura wa Alhaji ta WhatsApp da gajeren saƙo na gaisuwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar saƙonnin waya da na kwamfuta a matsayin shaida in an cika sharuɗɗansa, don haka kada a goge hirar. Idan abokin cinikin da Turanci yake aikin ofis, a rubuta da Turanci, ko a haɗa biyun, domin harshen aiki a kotun majistare Turanci ne, takardar Hausa sai an fassara ta.

Ni ina ganin ya dace dila ya kira Alhaji da kansa kafin takardar ta isa, ya ce, “Alhaji, akawu zai rufe lissafin rabin shekara, na aiko da takarda a kan ragowar nan, don Allah a duba.” A al'adarmu takardar da ta faɗo babu sallama tana kama da sammaci. Kiran minti ɗaya yana cire mata wannan kama ba tare da ya rage ko naira ɗaya a cikinta ba.

Amsar da za ta dawo

In ya biya, a rubuta masa rasit a yi godiya, sannan dila ya yanke wa kansa ko lodi na gaba na bashi ne ko kuɗi hannu. Kamfanoni da hukumomi kan cire harajin da doka ta ce su riƙe kafin su biya, sai kuɗin ya iso da giɓi. A nemi takardar shaidar cirewar maimakon a ɗauka cuta ce.

In ya kira ya ce a yi haƙuri zai riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, an samu ci gaba, amma kada a bar maganar a waya. A rubuta ta a rabin shafi: ya amince ana bin sa naira 2,256,000, zai biya naira 752,000 sau uku, ƙarshen Yuli da ƙarshen Agusta da ƙarshen Satumba, kuma in ya tsallake ɗaya, ragowar duka ta zama abin biya nan take. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Wannan takarda ta fi inbois ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana da wani amfani kuma da mutane ba su cika sani ba. Dokokin jihohi sun sa iyakar lokacin shigar da ƙarar bashin ciniki, shekara biyar ko shida gwargwadon jiha, kuma amincewa da bashi a rubuce da sa hannu tana sa a fara ƙidayar daga farko. Wasu kan karɓi cak mai kwanan wata na gaba a kan kowane kashi, don ba da cak ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977, mai hukuncin ɗaurin shekara biyu. Masu ba da cak sun san da haka, shi ya sa wanda ba shi da niyyar biya yakan yi ta kewaye-kewaye in an nemi ya rubuta.

In ya ce fulawar ba ta da kyau, a tambaye shi buhu nawa, yaushe aka gani, wa aka gaya wa. Ƙorafin gaskiya yana zuwa da lamba da rana, kamar buhu biyun nan da aka mayar. Ƙorafin da bai fito ba sai bayan wata huɗu, bayan an gasa fulawar an sayar da burodin, da wuya ya tsaya. Ko da akwai ɓangaren da ake musu a kai, a nemi ya biya wanda ba a musu a kansa tukuna.

In kuwa shiru ne har 15 ga Yuli ta wuce, akwai matakin da ya dace da kasuwa kafin kotu: a kai maganar ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa ko wani dattijo da Alhaji yake jin nauyinsa, a ba su mako guda. Su ma aikinsu ya fi sauƙi in an ajiye musu takarda mai lissafi a gabansu. In bai yi ba, sai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi baya a 2019, a ƙarƙashin kotunan majistare. An tsara ta ne don mutum ya iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma a yanke hukunci cikin kwana 60 da shigar da ƙara. Da aka fara a Legas iyakar kuɗin da take saurara naira miliyan biyar ne, don haka bashi irin na dilanmu ya shiga. Sharaɗin shigar da ƙara shi ne a nuna an fara aika wa wanda ake ƙara takardar neman biya. Kotun tana da fom nata na wannan takarda, wanda ake karɓa a ofishin magatakarda, kuma duk abin da fom ɗin zai tambaya, suna da adadi da ranaku, yana cikin wasiƙar 1 ga Yuli.

'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena tsarinsu daban ne, don Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA. A can mai bin bashin da adadinsa ya tabbata kuma wa'adinsa ya cika yana iya kai takardunsa ga shugaban kotu ya nemi umarnin biya, ba sai an fara zaman shari'a ba. Wanda ake bi ne zai shigar da ƙin amincewa in yana da ja. Alƙalin takardu kawai zai duba ya yanke, don haka wayabil mai sa hannu da kwafin wasiƙar da aka karɓa su ne za su yi magana a madadin mai kaya.